Wayar aro da kaɗin Iya: muhawara kan daftarin labarin Rukayya

Rukayya: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na kammala daftarin farko na wani gajeren labari, kuma ina roƙon ku duba mini shi kafin in sake zama a kansa. Labarin wata budurwa ce mai suna Saude, 'yar shekara 21, da ke zaune a cikin birnin Kano, wadda ta ƙudurta yin fim na minti biyar a kan kakarta, Iya, domin Iya ce kaɗai ta rage a layinsu da ke kaɗin zare da mazari. Saude ba ta da wayar da za ta iya wannan aiki, sai ta ari ta yayanta Auwalu, wanda ke sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ya ba ta daga bayan sallar Juma'a zuwa daren Lahadi, bisa sharaɗi biyu: kada ta kashe wayar domin masu sayen kaya suna kira, kuma kada ta goge masa komai. Ga wani yanki daga tsakiyar labarin:

"Iya ta shafa alli a yatsunta, ta murza mazari a cikin taskira, zaren ya fara fitowa daga audugar siriri kamar ba zai tsinke ba. Saude ta riƙe wayar da hannu biyu, ta matse gwiwar hannunta a haƙarƙari kamar yadda ta ga ana yi, amma hoton bai daina rawa ba. Wa ya aike ki? Ke da ba ki taɓa shiga ajin koyon fim ba, ke da ko wayar ma ba taki ba ce. Ta ji kamar kowa a gidan ya san ƙarya take yi. Ta ji tsoro, ta ji kunya, ta ji ta raina kanta."

A ƙarshen labarin Saude ta haɗa fim ɗin cikin dare ɗaya, ta tura shi wata gasa, ta zo ta ɗaya, Auwalu ya saya mata waya sabuwa. Tambayoyina biyu ne. Shin abin da na rubuta game da aikin ɗaukar fim ya yi kama da gaskiya, tunda ni ban taɓa yi ba? Sannan shin kokwanton Saude ya fito yadda mai karatu zai ji shi a jikinsa?

Maman Khalil: Wa alaikumus salam. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Shawarata ita ce, kafin ki tura fim ɗin nan ko'ina, ki tabbata mahaifinki ya sani kuma ya amince, domin harkar fim ga 'ya mace abu ne da ake yawan magana a kansa, kuma maganar mutane tana da wuyar gogewa. Ki kuma lallaɓa wayar yayan naki, kin san halin kayan aro.

Rukayya: Na gode, Mama, Allah ya ƙara girma. Sai dai ba ni ce na yi fim ba, labari ne kawai na ƙirƙira, Saude ba ta wanzu ba sai a takarda. Amma maganarki ta tuna mini cewa ban sa mahaifin Saude ya ce komai ba a duk labarin, kuma wannan giɓi ne da ban lura da shi ba.

Nura: Ni matsalar da na gani ita ce ba ki faɗi irin wayar ba. Idan har fim ɗin zai ci gasa, dole wayar ta kasance babba wadda ke ɗaukar 4K, wato bidiyo mai tsananin tsabtar hoto, domin ingancin hoto shi ne abin da alƙalai ke fara dubawa. Ki rubuta cewa Saude ta shiga saitin kyamara ta ɗora shi a kan 4K tun daga farko, wannan zai nuna wa mai karatu cewa yarinyar ta san abin da take yi. Sannan batun kiran waya ba matsala ba ne, sai ta cire layin ta sa a wata ƙaramar waya ta ba Auwalu, shi ke nan.

Malam Sunusi: Rukayya, na karanta daftarin duka sau biyu. Na shafe shekaru ina aikin tace hoto da haɗa sauti, kuma yara da dama sun kawo mini abin da suka ɗauka da waya domin in gyara musu, saboda haka zan yi magana a kan tambayarki ta farko, in bar ta biyu ga marubuta.

Zan fara da maganar Nura, domin akwai inda ya yi daidai, akwai kuma inda shawararsa za ta kashe wa Saude aiki tun ranar farko. A shafi na biyu kin rubuta cewa da Saude ta duba wayar sai ta tarar hotunan atamfa sun cika ta, gigabait 3 kacal ya rage. Wannan layi shi ne mafi daraja a daftarin, amma kin wuce shi kamar ba ki san abin da kika riƙe ba. A yawancin wayoyi, minti ɗaya na bidiyo a kan 1080p, wato matakin tsabtar hoto da bai kai 4K ba, yana cin kimanin megabait 130, minti ɗaya a kan 4K kuwa yana cin kimanin 350. Idan muka yi lissafi, gigabait 3 zai ba ta wajen minti 23 a kan 1080p, amma a kan 4K ba zai kai minti 9 ba. Wanda zai fitar da fim na minti biyar, ko da ya ƙware, yana bukatar ya ɗauki aƙalla ninki huɗu ko biyar na abin da zai fito, domin za a yi kuskure, za a maimaita, zare zai tsinke, akuya za ta ratsa tsakar gida. Ke nan minti 23 ɗin ma da ƙyar zai ishe ta. Idan ta bi shawarar Nura, kafin Iya ta gama cika mazari ɗaya wayar za ta rubuta mata cewa wuri ya ƙare. Ban da haka, 4K yana sa waya ta yi zafi da sauri, kuma kin sa labarin a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Wayar da ta yi zafi takan rage hasken fuskarta, wata kuma ta tsayar da ɗaukar da kanta.

To, ki dubi abin da wannan lissafi ya ba ki a matsayinki na marubuciya. Saude tana da minti 23 a duniya, kuma duk sakan ɗin da ta ɗauka ya ragu ke nan. Duk dare sai ta zauna ta zaɓi abin da za ta goge daga cikin nata domin ta samu wurin gobe, alhali ga ɗaruruwan hotunan atamfa a gabanta waɗanda in ta share su za ta samu sarari, amma amana ce aka ba ta. A daftarinki ba ta taɓa fuskantar wannan zaɓi ba, ta yi ta ɗauka kwana biyu da rabi kamar wayar rijiya ce.

Nura: Na yarda da lissafin, Malam, ban yi tunanin wurin ajiya ba. Amma ai tana iya tura abin da ta ɗauka zuwa wayar ƙawarta ta WhatsApp, ta goge a nan, ta ci gaba. Kuma har yanzu ina kan bakana cewa cire layi ya fi sauƙi.

Isufu: Malam Nura, kada ka so wa yarinyar nan abin da ya same ni. Ina rubutu daga Damagaram. Shekara biyu da suka wuce na ɗauki hirar kawuna da wayar abokina, yana ba da tarihin yadda suke zuwa fatauci da raƙuma a ƙuruciyarsa, hira ce ta kusan minti 40. Da za mu rabu sai na ce ya turo mini ta WhatsApp gunduwa-gunduwa, ya turo, na ga sun shigo, na ce ya goge nasa. Sai da na buɗe su a kwamfuta na ga fuskar kawu ta dagule, zanen rawaninsa ya zama dishi-dishi, domin manhajar tana matse bidiyo ta rage masa nauyi kafin ta aika. Daga baya aka gaya mini da ya tura su a matsayin Document da sun iso yadda suke. Kawu ya rasu bayan wata bakwai, kuma wannan dagulallen hoto shi ne kaɗai abin da ya rage mana. Muryarsa dai ta fito, ita muke saurare idan an taru. Idan Saude za ta kwashe aikinta, ki sa ta yi amfani da kebul mai haɗa waya da kwamfuta, ko katin memori, ko kuma ki bar ta ta yi irin kuskurena, domin kuskure ne da mutane ke yi kullum.

Malam Sunusi: Allah ya jiƙan kawunka, Isufu, ya sa Aljanna ce makoma. Ka faɗi wata magana da ita ce ainihin abin da nake son in kai Rukayya gare shi, wato muryarsa ta fito, kuma ita kuke saurare. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai rauni, amma ba ya haƙuri da sautin da ba ya ji. Duk masu fara fim da waya hankalinsu na kan hoto, kuma kusan dukkansu sauti ne ke kayar da su.

Rukayya, a labarinki Saude tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, Iya tana zaune a kan tabarma a gindin bishiyar darbejiya, kin ce tsakaninsu taku shida ne, kuma Iya tana ba da labarin yadda uwarta ta koya mata kaɗi. Ki sani makirfon waya ba ya zaɓe, abin da ya fi kusa da wanda ya fi ƙarfi shi yake kwasa. Daga taku shida, abin da zai shiga shi ne numfashin Saude, da shafar yatsunta a jikin wayar, da injin markaɗen maƙwabta, da ƙarar babur mai ƙafa uku a bakin layi. Muryar tsohuwa, wadda dama a hankali take fita, za ta zo daga can ƙasa kamar daga cikin tulu. Ƙarar mazari a cikin taskira kuwa, wadda ita ce ran fim ɗin, ba za a ji ta ba sam. Abin da ya fi ciwo shi ne ba za ta gane ba a lokacin da take ɗauka, domin kunnen mutum yana tace hayaniya ya bi muryar da yake so, na'ura kuwa ba ta yin haka. Sai dare ya yi, ta sa abin saurare a kunne, sannan za ta ji ɓarnar.

Maganinsa ba ya bukatar kuɗi. Ta samu waya ta biyu, ko da tsohuwa ce mai fasasshen gilashi, in dai tana naɗar murya. Ta ajiye ta kusa da Iya, kamar kamu ɗaya ko biyu daga bakinta, ta ɓoye ta a bayan kwandon auduga yadda ba za ta fito a hoto ba. Idan akwai iska, ta sa wayar a cikin safa mai kauri, domin iska ce ke sa sautin nan mai kama da bugun ganga. Idan ta kunna duka biyun, sai ta tsaya a gaban kyamara ta yi tafi ɗaya mai ƙarfi kafin Iya ta fara magana. Wajen haɗawa, a manhajar haɗa bidiyo irin su CapCut, tafin zai fito a zanen sautin kamar tsini a duka naɗin biyu, sai ta daidaita tsinin da tsini, ta kashe sautin kyamara, ta bar na kusa. Idan an gama hira kuma, ta roƙi kowa ya yi shiru na rabin minti, ta naɗi shirun gidan kansa, domin da shi za ta cike gurbin duk inda ta yanke magana, in ba haka ba mai kallo zai ji sautin yana ɗaukewa yana dawowa.

A kan batun layi, Nura ya yi gaskiya cewa cire layi zai hana kira shigowa, domin kira yana katse ɗauka a wayoyi da yawa, kuma mu da ke aikin Airplane mode muke sawa, wato saitin da ke hana kira shigowa. Amma ɗan Kwari ba kira kaɗai yake jira ba, hotunan kayansa da hirarsa da masu saye daga wasu garuruwa duk suna cikin wannan waya. Ko an cire layi, rabin shagonsa yana hannun Saude.

Anti Bilki: Malam Sunusi ya amsa tambaya ta farko, kuma ina ganin ya amsa rabin ta biyu ba tare da ya yi niyya ba. Rukayya, ƙanwata, bari in gaya miki gaskiya a kan yankin da kika kawo. Jimla biyu na farko suna da kyau ƙwarai, na ga allin, na ga mazarin, na ga gwiwar hannun da aka matse. Daga inda kika ce "ta ji tsoro, ta ji kunya, ta ji ta raina kanta" sai kika daina nuna mini, kika koma gaya mini. Na ƙirga a daftarin, sau tara Saude ta tambayi kanta wa ya aike ta, kuma a karo na tara ba ta fi karo na farko nauyi ba, domin babu abin da ya faru a tsakani da ya ƙara wa tambayar haƙora.

Kokwanto irin wanda mai karatu ke ji a jikinsa yana bukatar hujja. Ki ɗauki abin da Malam ya bayyana. Daren Juma'a Saude ta shige cikin gidan sauro, ta sa abin saurare, ta kunna hirar da Iya ta yi mata ta minti takwas, hirar da tsohuwar ta yi kuka a cikinta da ta ambaci uwarta. Bakin Iya yana motsi, hawaye yana gangarowa, amma abin da ke fita shi ne injin markaɗe. Ba sai kin rubuta cewa ta raina kanta ba. Mai karatu ya san cewa minti takwas daga cikin 23 sun tafi, ya san ba a cewa tsohuwa ta sake yin kuka, ya san sai ta zaɓa tsakanin goge wannan hoto da ajiye shi ba murya. Idan a wannan wuri ne ta ce wa ya aike ni, sau ɗaya tak, zai isa.

Akwai kuma wani kokwanton da ya fi wannan zurfi, wanda daftarin bai taɓa ba. Duk tsoron Saude a kan kanta ne, ko ta iya ko ba ta iya ba. Ba ta taɓa tambayar ko tana da haƙƙin yin abin da take yi ba. Iya ta san cewa baƙi za su ga fuskarta? Tsohuwar da ta yi rayuwarta a cikin gida, ta yarda ne domin ta fahimci abin da ake nufi da tura fim gasa, ko ta yarda ne domin jikarta ce ta roƙa? A nan ne maganar Maman Khalil ta shigo, ko da yake ta ɗauka labarin gaske ne.

Maman Khalil: To ai ko a labari ne, abin da na faɗa yana nan. Ni mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba sai na fasfo da za ta Makka. Idan Iyar nan ta saki jiki haka nan ba tare da ta tambayi inda hoton zai je ba, ni dai ban san irin wannan tsohuwa ba. Kuma a Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, ba a fitar da fim ga jama'a haka kawai, ya kamata wani a gidan ya ambaci wannan ko da a baki ne.

Rukayya: Na ji duka, kuma wallahi na ƙaru. Anti Bilki, maganar haƙƙin Iya ta tsaya mini a rai tun da na karanta ta. Ina tunanin in sa Iya ta ce ta yarda a ɗauki hannuwanta da muryarta, amma ban da fuskarta. Malam Sunusi, shin fim zai yiwu a haka? Sannan akwai wata fitowa da na rubuta da dare, Iya tana kaɗi a hasken fitila mai caji, ina son ta sosai, shin waya za ta iya ɗaukarta?

Malam Sunusi: Zai yiwu, har ma ya fi sauƙi ga mai waya. Waya tana da ƙarfi a kusa, tana da rauni a nesa. Hannu da zare da mazari abubuwa ne da za ta matso ta ɗauka da ƙafarta, kada ta jawo hoton da yatsu, domin jawowar nan a yawancin wayoyi yanke hoton kawai take yi ta buɗa shi, sai ya dushe. Amma akwai tarko guda a nan. Auduga fara ce tas, hannun Iya kuwa duhu ne, kuma waya tana auna haske da kanta a kowane lokaci. Duk sanda audugar ta cika hoton sai wayar ta rage haske, hannun ya baƙe, in hannun ya matso sai ta ƙara, audugar ta ƙone ta zama farin fili. Hoton zai riƙa numfashi, yana haske yana duhu. Abin da za ta yi shi ne ta ɗora yatsa a kan hannun Iya a fuskar wayar ta riƙe na ɗan lokaci har alamar kulle ta fito, a wasu wayoyin ana rubuta AE/AF Lock, sannan ta ɗan ja hasken ƙasa har zaren ya fito da siffarsa. Rawar hannu kuma, ta daina dogara da haƙarƙarinta, ta kifa turmi ta jingina wayar da buhun gero ko da littattafai, kuma ta kwantar da ita a kwance tun daga farko har ƙarshe, kada ta ɗauki wani a tsaye wani a kwance.

Fitowar dare ita ce ba zan ba ki goyon baya ba. Idon kyamarar waya ƙarami ne, idan haske ya yi ƙaranci sai hoton ya cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi, mazari mai juyawa kuma ya zama inuwa kawai. Fitila ɗaya mai caji ba za ta wadatar ba, sai dai in an kawo ta dab da hannun, a bar sauran wurin cikin duhu. Da ni ne, da na mayar da fitowar bayan la'asar, lokacin da rana ta sauka bayan katanga, haske ya yi laushi, a shimfiɗa farin zane a ƙasa ta gefen inuwa domin ya mayar da haske kan hannun.

Anti Bilki: A nan na saba da Malam. Shi yana magana ne a kan fim mai kyau, mu kuwa labari muke rubutawa, kuma labari ba ya bukatar fim ɗin Saude ya yi kyau. Ki bar fitowar daren, ki bar hoton ya fito da yashinsa. Wataƙila daren Asabar ne kaɗai lokacin da injin markaɗe ya yi shiru, saboda haka a nan ne ta samu muryar Iya da ƙarar mazari tsaf, amma hoton ya lalace. Da rana ta samu hoto ba murya, da dare ta samu murya ba hoto. Yarinyar da ta gane da kanta cewa za ta iya ɗora muryar dare a kan hannuwan rana, wannan ita ce ta zama mai yin fim a gaban idon mai karatu, ba sai wani alƙalin gasa ya faɗa ba.

Malam Sunusi: Wannan dabara ce ta gaske, haka muke yi, kuma tunda fuska ba ta fitowa babu matsalar daidaita baki da magana. Na janye rabin maganata. Amma ina nan a kan cewa haɗa fim cikin dare ɗaya ga wadda ba ta taɓa buɗe manhajar ba abu ne mai wuya. Yanka minti 23 zuwa biyar, da daidaita sauti, da fitar da fim ɗin, wanda shi ma yana bukatar wurin ajiya na kusan rabin gigabait ko fiye a wayar da ta riga ta cika, ga caji, ga wutar da ba ta da tabbas. Sabon hannu zai kwana uku a kai.

Nura: Duk na ji, amma ina roƙon kada a taɓa ƙarshen labarin. Yarinya ta sha wannan wahala duka, a ce ba ta samu komai ba? Masu karatu suna son su ga an yi nasara, kuma ƙannenmu mata da za su karanta suna bukatar su ga cewa abin yana kai mutum wani wuri. Idan aka cire gasar da sabuwar wayar, me ya rage?

Anti Bilki: Abin da ya rage shi ne daren Lahadi, Nura. Auwalu ya miƙo hannu yana jiran wayarsa, fim ɗin bai gama haɗuwa ba, kuma sai Saude ta buɗe baki ta nemi ƙarin kwana, ita da tun farkon labari ba ta iya gaya wa kowa a gidan cewa fim take yi ba, cewa take yi aikin makaranta ne. Gasar da kika kawo a shafin ƙarshe, Rukayya, ba a ambace ta ba sai a nan, ba mu san masu shirya ta ba, ba mu ga sauran finafinan ba, ta faɗo ne daga sama domin ta share wa Saude hawaye. Sabuwar waya kuma tana warware matsalar aro, amma ba aro ne ciwon yarinyar ba.

Isufu: Ni ina tsakanin Malam Nura da Anti. Gasar ban damu da ita ba, amma ina son Iya ta ji muryarta. Kawuna bai taɓa jin tasa ba, kullum ina cewa sai na gyara tukuna. Idan labarin ya ƙare Iya ba ta saurari abin da aka naɗa ba, zan ji an cuce ta.

Rukayya: Na rubuta duk abin da kuka faɗa a littafina. Zan mayar da lissafin minti 23 ya zama ƙashin bayan labarin, zan rage "wa ya aike ki" zuwa wuri ɗaya, zan ba mahaifin Saude da Iya bakin magana, kuma fitowar dare za ta zauna yadda Anti Bilki ta tsara. Batun gasa ban yanke ba tukuna, domin maganar Yaya Nura ma tana da nauyi a wurina, na san 'yan matan da nake rubuta wa. Malam Sunusi, saura tambaya ɗaya kafin in koma kan daftarin. Idan Saude ta goge hirar Juma'a domin ta samu wuri, sannan ta yi nadama, akwai hanyar dawo da ita?

Malam Sunusi: A yawancin wayoyin yanzu, abin da aka goge yana komawa wani kwandon shara ya zauna kimanin kwana 30, kuma muddin yana can ana iya dawo da shi. Sai dai muddin yana can, bai bar mata wurin ba, gigabait ɗin yana nan a cike. Kafin ta samu sararin da za ta ɗauki fitowar Asabar, dole ta shiga kwandon ta sake goge shi da hannunta a karo na biyu, wayar kuma za ta tambaye ta ko ta tabbata.